Yadda ake rufe atisaye da yi wa matasan 'yan wasa bayanin tsamin jiki

Makon farko bayan dogon hutu shi ne lokacin da koci ya fi rasa yara. Ran Litinin fili ya cika, an yi gudu, an yi tsalle, kowa ya tafi gida da murna. Ran Laraba sai ka ga rabinsu ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma suna tafiya a tale. Wani mahaifiyarsa ta hana shi fitowa don ta ga yana cije baki wajen tashi daga sujada, wani ya biya kemis ya haɗiyi ƙwayoyi, wani kuma yana da rauni na gaske amma ya ɓoye saboda kowa ma yana kukan ciwo. Duk wannan ana iya rage shi da mintuna goma sha biyu na ƙarshen atisayen Litinin, in koci ya san abin da zai sa yara su yi da abin da zai faɗa musu. Bayanin nan na masu horar da 'yan shekara 13 zuwa 17 ne, ko malamin wasanni a sakandare ko kocin ƙungiyar unguwa a Jos, kamar Gangare, Rikkos ko Bukuru.

Abu na farko, ware lokacin tun kafin a fara. In atisayen yamma ne kuma magariba ƙarfe shida da rabi, to ƙwallo ta tsaya shida da 'yan mintuna. Kocin da ya bari sai an kira salla sannan ya busa usur ba zai riƙe kowa ba, kuma bai kamata ma ya riƙe su ba.

Daga usur zuwa tafiya

Da ka busa usur na ƙarshe, kada kowa ya zauna, kada kowa ya tsaya cak. Wannan ita ce dokar da ba ta da sassauci, kuma dalilinta mai sauƙi ne. Lokacin gudu, jijiyoyin jini na ƙafafu suna buɗewa sosai don tsoka ta samu jini, kuma matsawar tsokokin ƙafa ce take tura jinin nan ya koma sama zuwa zuciya. In yaro ya tsaya farat ɗaya, jijiyoyin suna nan a buɗe amma mai turawar ya daina aiki, sai jini ya taru a ƙafa, wanda ke zuwa kai ya ragu. Abin da ke sa wani ya ga duhu-duhu ko ya yanke jiki ya faɗi bayan tseren mita 400 ke nan, musamman in bai sha ruwa sosai ba.

Sai a yi sassarfa ta minti uku zuwa huɗu, a hankali yadda biyu za su iya hira ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Matasa, musamman maza, za su mayar da ita tsere, don haka ka sa wanda ya fi kowa gajiya a gaba ka hana a wuce shi. Daga nan sai tafiya ta minti biyu, hannaye suna lilo. A ƙarshen tafiyar kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga musu daƙiƙa 15, su ninka abin da suka samu sau huɗu. Ni ma'aunina shi ne wanda ya samu fiye da 30, wato bugu 120 a minti, ya ƙara zagaye ɗaya a ƙafa. Amfanin ƙirgar ya wuce na ranar: bayan wata guda yaron zai ga da kansa cewa zuciyarsa ta fi saurin sauka, kuma wannan shaida ce da ya taɓa da hannunsa.

In wani ya ce yana jin jiri, kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa bisa jaka ko benci. Yawanci cikin 'yan mintuna yake dawowa daidai. Amma wanda ya faɗi ana tsakiyar gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji, nasa daban ne, asibiti za a kai shi nan take, kuma ba zai sake buga wasa ba sai likita ya duba zuciyarsa.

Kafin a fara miƙe jiki, kowa ya ɗora riga mai kauri. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu da rana ta karkata iskar hunturu takan sauko da ƙarfi. Yaro mai jiƙaƙƙiyar riga da ya tsaya wuri ɗaya zai fara karkarwa kafin ka gama magana, kuma mai karkarwa ba ya sauraro.

Miƙe jiki, da gaskiyar abin da yake yi

A yi da'ira, kai kana ciki. Wurare huɗu sun isa ga ɗan ƙwallo ko ɗan tsere: gaban cinya, bayan cinya, dambubu da matsematsi. Na gaban cinya, a tsaya da ƙafa ɗaya a dafa kafaɗar aboki, a kamo idon sawu a jawo dunduniya zuwa ɗuwawu, gwiwoyi a haɗe, ƙugu ya ɗan turo gaba. Kuskuren da za ka fi gani shi ne gantsarewa, wanda ke ɗauke jan daga cinya ya kai shi gadon baya. Na bayan cinya, a miƙe ƙafa ɗaya gaba bisa dunduniya, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Burin yara shi ne su taɓa yatsun ƙafa, sai su lanƙwasa baya, don haka ka ce musu cibiya ce za ta nufi cinya, hannu ya tsaya inda ya kai. Na dambubu, a dafa katanga ko ƙarfen raga, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya manne da ƙasa. Na matsematsi, a zauna a haɗa tafin ƙafa biyu, a bar gwiwoyi su sauka da nauyinsu.

Kowanne a riƙe shi daƙiƙa 20 zuwa 30, ana numfashi, ba a zabura ba a girgiza. A tsaya inda aka ji ja, kada a kai inda aka ji zafi. Kuma ka hana wani ya danne wani. A shekarun da yaro ke zabura da tsawo, ƙashi yakan riga tsoka, sai bayan cinya ya ɗaure. Abokin da ya hau bayansa don ya taimaka masa zai iya yaga masa tsoka.

A nan akwai abin da kociyoyi da yawa suke faɗa wanda ba haka yake ba: wai wanda ya miƙe jiki da kyau ba zai yi tsami gobe ba. An gwada wannan a kan dubban mutane, kuma bambancin da aka samu ƙanƙani ne ƙwarai, wanda ɗan wasa ba zai ma ji shi a jikinsa ba. Haka ita ma sassarfar ƙarshe, ba ta hana tsamin jibi. In ka yi musu wannan alkawari, ran Laraba jikinsu zai ƙaryata ka, daga nan kuma ba za su ƙara yarda da sauran maganarka ba. Faɗa musu abin da yake gaskiya: sassarfa tana hana jiri tana saukar da zuciya a hankali, miƙewa kuma in an dawwama a kanta tana ƙara wa gaɓoɓi sakewa. Ni kuwa babban abin da nake so da da'irar nan shi ne ita ce kaɗai lokacin da yara suke tsaye shiru ina ganin kowa. Wanda ke ɗingishi, wanda ya kasa tsayawa da ƙafar hagu, wanda ke shafa gwiwa, a nan ake gano su.

Maganar da za ka yi musu kafin ciwon ya zo

Bayanin tsami ran Litinin ake yin sa, suna cikin da'ira, jikinsu lafiya ƙalau. In ka bari sai Laraba, ya zama kare kai. In ka riga ciwon faɗa, to da ya zo a lokacin da ka ce, yaron zai san kocinsa ya san aikinsa, hankalinsa kuma ya kwanta.

Ga abin da kai ya kamata ka sani tukuna. Zafin da ake ji a cinya ana cikin gudu mai ƙarfi abu ɗaya ne, yana wucewa cikin mintuna. Sinadarin laktik da ake ɗora wa laifi jini yana kwashe shi cikin kamar awa ɗaya bayan an tsaya, don haka ba shi ne ke kawo ciwon jibi ba, kuma babu wani gurɓataccen jini da ya kwanta a tsoka da za a murje. Tsamin da ke zuwa daga baya yana fitowa ne daga 'yan ƙananan tsage-tsage a cikin zaruruwan tsoka da fatar da ke lulluɓe da su, waɗanda ido ba ya gani. Wani masani ɗan Amurka, Theodore Hough, ya kawo wannan bayani tun 1902. Jiki yakan aiko da ƙwayoyin gyara wurin, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi, kuma wannan aiki yana ɗaukar lokaci. Shi ya sa ciwon yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya da uku, ya tafi cikin kwana biyar zuwa bakwai.

Aikin da ya fi kawo shi shi ne wanda tsoka take riƙe nauyi alhali tana miƙewa: dirowa daga tsalle, tsayawa da sauri don juyawa, gudu a gangara. Ga yaran Jos wannan ba ya wuyar ganewa, ka tambaye su wace mota ce birkinta ke ƙauri a Hawan Kibo, mai hawa ko mai sauka. Cinya ma haka take, riƙewa ce ke cin ta. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere zai gaya maka hawan ne ya sa shi haki, amma saukowar ce ta hana shi tsugunno.

Da yaran kuwa, a taƙaice za ka yi, kamar haka:

"To samari, ku saurara. Yau mun yi tsalle da juyi wanda jikinku ya yi makonni bai yi ba. Yau da dare ba za ku ji komai ba. Gobe da safe cinyoyi za su yi nauyi. Jibi ne zai fi, saukowa daga bene da tsugunno za su yi muku wuya. Zuwa Juma'a ko Asabar zai sake ku. Ba rauni ba ne, tsoka ce take gyara kanta, kuma in mun maimaita wannan aikin mako mai zuwa ba za ku ji rabin haka ba. Ku faɗa wa su Mama tun yau, kada su gan ku jibi su tsorata."

Maganar mako mai zuwa gaskiya ce tabbatacciya. Tsokar da ta sha wani aiki sau ɗaya takan samu kariya daga irinsa har tsawon makonni. Saboda haka ne zaman farko ya kamata ya zama mai sauƙi: rabin tsallen da ka yi niyya, ba gudun gangara, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Ko ɗan aiki kaɗan yana ba da wannan kariyar, ba sai an jigata yaro ba.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, "Koci, ke nan in ban ji ciwo ba, ban yi tirenin ba?" Wannan tambaya tana da haɗari in ba a amsa ta da kyau ba, don ita ce ke sa yaro ya koma gida ya ƙara wa kansa tsallen kwaɗo ɗari. Amsar ita ce tsami yana nuna aikin sabo ne ga jiki, ba ya nuna aikin ya yi kyau. Manyan 'yan wasan da suke kallo a filin Rwang Pam suna atisaye kusan kullum, kuma yawancin ranaku ba sa jin wani tsami.

Tsami ne ko rauni?

Mu ɗauki yaro ɗan shekara 15 da ya zo ran Laraba yana cewa, "Koci, bayan cinyata na ciwo." Kafin ka ce ya shiga ko ya zauna, yi masa tambayoyi huɗu, kuma a jere.

Yaushe ya fara? In ya ce jiya da safe da ya tashi, wannan hanyar tsami ce. In ya ce tun Litinin, lokacin da ya zabura bin ƙwallo ya ji kamar an tsinka wani abu ko an jefe shi da dutse, to ka fara zaton yagewar tsoka. Ƙafa ɗaya ko biyu? Tsami yakan kama duka biyun, ko da ɗaya ta ɗan fi. Sai ka ce ya nuna maka wurin. Mai tsami da tafin hannu yake shafa cinyar gaba ɗaya, mai rauni kuwa da yatsa ɗaya yake nuna wuri guda, wani lokaci ma ka ga kumburi ko fata ta yi duhu. Na ƙarshe, sa shi ya yi tafiya da sassarfa ta minti biyar. Tsami yana sakin mutum in jiki ya ɗumama, rauni kuwa yana nan ko ya ƙaru, kuma ɗingishin ba ya ɓacewa.

In amsoshin huɗu sun nuna tsami, ya yi atisaye mai sauƙi: ba da ƙwallo, sarrafa ta, sassarfa. Ba gudun ƙarshen ƙarfi, ba tsalle, domin tsoka mai tsami ƙarfinta yana raguwa na 'yan kwanaki, dirar ƙafa ma ba ta cika daidai ba. In ko amsa ɗaya ce ta kauce, ya zauna. Kada a ja wurin, kada a murza shi da man zafi, kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyun farko, don hakan na ƙara zubar jini a ciki. A sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15, a kai shi a duba.

Da a ce yatsan nasa ya sauka a kan ƙashi ne, to labari ya sake. Ƙullutun da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa yakan yi ciwo ga masu shekara 10 zuwa 15, shi ne likitoci ke kira Osgood-Schlatter, inda jijiyar cinya ke jan wurin da ƙashi bai gama ƙwari ba. Irinsa yana faruwa a dunduniya ga waɗanda suka ɗan fi ƙanƙanta. Busasshen filin rani mai tauri yana tsananta su. Maganinsu rage gudu da tsalle na makonni, ba a ce wa yaro ya daure. Haka ciwon wuri guda a ƙashin ƙwauri da ke ƙaruwa kullum, yana iya zama tsagewar ƙashi.

Ka kuma taɓa goshinsa. Ciwon jiki duka da zazzaɓi da ciwon kai a garinmu a fara da gwajin maleriya, kuma mai zazzaɓi ba ya shiga fili ko da wasan ƙarshe ne.

Akwai alama ɗaya da nake so kowane yaro ya haddace. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ga ciwo mai tsanani fiye da kima, ga kumburi ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, to tsoka ce ta lalace da yawa har abin da ke cikinta ya shiga jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Asibiti a ranar, ba a jira gobe. Abin da ya fi jawo wannan shi ne maimaita aiki ɗaya ɗaruruwa ga jikin da bai saba ba, wato dai tsallen kwaɗo na horo. Ka cire shi daga hukuncinka. Kuma tunda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da AS, wato rabin gadon cutar sikila, ka san rukunin jinin kowane yaro. Mai AS yana wasansa lafiya, amma in ya ce ƙafafunsa sun mutu ana tsakiyar gudu mai tsanani, a tsayar da shi nan take, kada a ce ragwanci ne.

Abin da za su yi a gida

Ruwa tukuna. Hunturu yana yaudara, gumi na bushewa nan da nan, sanyi kuma na rage ƙishirwa. In kana da sikeli, auna yaro ɗaya kafin atisaye da bayansa a gaban sauran. Wanda ya sauka daga kilo 50 zuwa 49 ruwa ya rasa, kuma yana bukatar kamar lita ɗaya da rabi, wato leda uku ta fiya wata, a sha a hankali cikin awanni biyu zuwa huɗu. In babu sikeli, kalar fitsarin safe ta isa: ruwan ɗorawa mai haske ya yi, mai duhu a ƙara sha.

Abinci kuma ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Yaro mai kilo 50 yana bukatar kamar giram 15 zuwa 20 na furotin a cin da zai yi bayan atisaye, tare da abin da zai mayar masa da ƙarfi. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, don haka ƙwai biyu da kofin nono sun kai. Shinkafa da wake, alale, awara, dankalin Turawa da ƙwai, gwaten acca da aka sa wa wake ko gyaɗa, duk sun yi. Matsalar da na fi gani ita ce ta wanda ya sha lemon kwalba a hanya ya kwanta bai ci komai ba, da 'yan matan da ke rage abinci don tsoron ƙiba alhali suna gudu kullum. Yarinyar da al'adarta ta ɗauke na watanni tana cikin atisaye, alama ce abincin bai isa ba, kuma malama mace ya kamata ta yi wannan magana da ita da mahaifiyarta. A watan azumi a mayar da aiki mai nauyi bayan buɗa baki.

Barci ya fi duk wata dabara. Masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi asuba ƙarfe biyar ya kamata ya kwanta tara, kuma kowa ya san gidan kallon ƙwallo ba ya tashi a wannan lokacin daren Talata da Laraba. Ba za ka hana su kallo ba, amma kana iya sassauta atisayen washegari.

Don sauƙin tsamin kansa, tafiya ko tuƙa keke a hankali, wanka da ruwan ɗumi da tausa mai taushi suna rage jin ciwon na ɗan lokaci. Ba sa hanzarta gyaran sosai, amma ba sa cutarwa. Ƙwayoyi ne abin tsoro. Ibufurofen da daikulofenak a kan ciki wayam da jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci suna taɓa ciki da ƙoda, kuma suna rufe zafin da zai gaya maka akwai rauni. Asfirin ba a ba wa wanda bai kai 16 ba sai da umarnin likita. Taramol kuwa, wanda wasu ke fara sha da sunan maganin gajiya, yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, kuma tun 2024 an haramta shi a lokacin gasa. Ka kafa doka a fili: ba wanda zai sha ƙwaya don ya iya yin atisaye, kuma wanda ciwo ya kai shi neman ƙwaya ya zo ya same ka, ba za a cire shi daga 'yan wasan Asabar don ya faɗi gaskiya ba. In tsamin ya wuce mako guda bai ragu ba, ka kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa ku shirya kai shi asibiti.